Takardar Injiniya: Za a Rage Ƙarfin Ruwa, Gidan Wa Zai Bushe?

Takarda ce shafi guda, mai hatimin hukumar ruwa a sama da sa hannun injiniyan shiyya a ƙasa. A kan liƙa ta a ƙofar masallaci ko a kai wa mai unguwa, shi kuma ya sa a karanta bayan sallar magariba. Abin da ke cikinta ba ya wuce wannan: za a sauya babban bututun da ke bin titi kaza, aikin zai ɗauki kwana kaza, ba za a ɗauke ruwa ba amma za a rage ƙarfinsa, a tanadi ruwa, kada a jona inji a kan layi, in an ga ruwa ya canza launi a bar shi ya zuba. Sai ban haƙuri.

Yawancinmu da mun ji "za a rage ƙarfi" sai mu fassara wa kanmu cewa za a ɗauke ruwa, sun dai saya maganar ne. Wanda kuma famfonsa ke yin sati bai ɗiga ba sai ya yi dariya, ya ce wane ƙarfin za a rage? Yana da hujja, ba zan musa masa ba. Amma a unguwar da ruwa ke zuwa, rage ƙarfi da ɗaukewa abubuwa ne biyu daban, kuma wanda ya gane bambancin zai iya faɗa tun kafin a fara haƙa ko gidansa na cikin waɗanda za su sha wahala, da kuma lokacin da ya kamata ya tashi ya tari ruwa.

Da farko dai, me ake nufi da ƙarfin ruwa? Injiniya ba ya auna shi da yadda famfo ke feshi. Da tsayi yake auna shi. A ce ka jona dogon tiyo a famfon tsakar gida, ka ɗaga bakinsa sama kana hawa tsani, kana ta hawa har ka kai inda ruwan ya daina fitowa. Tazarar da ke tsakanin famfon da wannan wuri ita ce ƙarfin ruwan gidanka. In mita 20 ce, to ruwanka na iya hawa mita 20, ba zai ƙara ko taƙi ba. Shi ya sa ake gina tankunan gari a kan tudu. A Kano, inda aka fara tace ruwan Challawa tun wajajen 1930, ba don ado aka kai tankin ruwa kan Goron Dutse ba. A tura ruwa can sama sau ɗaya, nauyinsa ya gangaro da shi cikin gari. Duk gidan da ke ƙasa da tanki sosai ruwansa na da ƙarfi, wanda ke kan jigawa kuwa nasa sanyi-sanyi, ko da kuɗi ɗaya suke biya.

Abu na biyu da ke cin wannan tsayi shi ne gogayya. Ruwa na tafiya yana gugar jikin bututu, kuma duk mita ɗaya da ya yi sai ya bar wani abu na ƙarfinsa a hanya. A faffaɗan bututu asarar ba ta taka kara ta karya ba. A siriri kuwa abin ya wuce yadda mutum zai zata, kuma a nan ne asirin takardar yake.

Mu ƙaddara unguwa mai ɓangare biyu, gangare da tudu, tudun ya ɗara gangaren da mita 8. Babban bututu mai faɗin inci 12 ne ke ba su ruwa, kuma za a sauya tsawon mita 500 daga cikinsa. Da safe, lokacin da kowa ke wanka da wanke-wanke, unguwar na jan lita 30 a kowace daƙiƙa, wato fiye da jarka guda kafin ka ƙifta ido sau biyu. A cikin bututun inci 12, wannan ruwa zai ratsa mita 500 ya yi asarar abin da bai kai rabin mita ba. Ba wanda zai lura. Mutanen gangare suna da ƙarfin mita 25, na tudu suna da 17, kowa tankinsa na cika.

Yanzu an rufe wannan yanki don a tone shi. Ba za a bar mutane haka ba, sai a zagaya da ruwan ta wani layi, ko dai tsohon bututun inci 6 da ke bin titin baya, ko a shimfiɗa na wucin gadi a gefen hanya. Mutum zai ce rabin faɗi ne, ai rabin ƙarfi za a rasa. Ina! Idan aka raba faɗin bututu biyu, aka ce sai ya ɗauki ruwan da babban ke ɗauka, asarar tana ninkuwa kusan sau 30. Abin da bai kai rabin mita ba ya koma mita 10.

To a ɗebe mita 10 daga kowa. Na gangare ya koma 15. Zai ga famfo ya ɗan yi sanyi, bokitin da ke cika cikin minti ɗaya ya ƙara ɗan lokaci, shi ke nan. In bene gare shi, tankinsa da ke mita 9 daga ƙasa zai ci gaba da cika. Na tudu kuwa ya koma 7. Famfon tsakar gidansa na zuba, banɗakin ƙasa na samu, amma tankin da ke mita 9 ko ɗigo ba zai gani ba, don ruwan zai hau bututu ya tsaya mita biyu ƙasa da bakin tankin, kamar mai leƙen katangar da ta fi shi tsawo. Matar gida a sama za ta rantse an ɗauke ruwa, yaro a ƙasa kuma yana wasa da shi. Duk su biyun gaskiya suka faɗa.

Ga kuma inda sauƙin yake. Gogayya ba faɗin bututu kaɗai take bi ba, tana bin yawan ruwan da ke gudu a ciki. Idan dare ya yi, mutane suka kwanta, jan ruwa ya ragu da rabi, asarar ba rabi take komawa ba, tana faɗowa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku: daga mita 10 zuwa abin da bai kai 3 ba. Mai gidan tudu da ke da 7 da hantsi sai ya tsinci kansa da wajen 14 da tsakar dare, tankinsa ya cika yana barci. Saboda haka idan takarda ta ce a tari ruwa tsakanin sha biyun dare da asuba, ba wulaƙanci ba ne. Lissafi ne. Kuma idan ta roƙi masu wankin mota da masu buga bulo su kauce wa safiya, dalilin ke nan: kowace lita da na gangare ya ja da ƙarfe bakwai, daga tsayin ruwan na tudu aka yanke ta.

Wannan ragin dole ne, bututu ne ya jawo shi. Akwai kuma wanda injiniya ke yi da gangan, kuma shi ne takardu ba su cika bayyanawa ba. Idan aka yanke babban bututu, bakin da ya rage da ruwa a ciki sai an toshe shi da murfi. Ruwa mai ƙarfin mita 25 a bututun inci 12 yana tunkuɗar wannan murfi da nauyin da ya kusa tan biyu. Tsofaffin bututu da yawa ba a ɗaure gaɓoɓinsu ba, zura bakin wannan aka yi cikin na wancan da zoben roba, ƙasar da aka binne su da ita ce ke riƙe da su. Yanzu an tone ƙasar, kuma akwai leburori tsaye cikin ramin. Shi ya sa ake zuba ƙaton kankare a bayan murfi da kowace kwana, ya tokare su. Kankare kuwa ba ya ƙarfi a yini ɗaya, sai an ba shi kwanaki, galibi wajen mako. A tsakanin nan injiniya zai kashe ɗaya daga injinan tura ruwa, ko ya saita bawul mai daidaita ƙarfi, don kada tsayin ya wuce abin da murfin zai jure. In ya sauke shi zuwa mita 15, turin ya dawo kusan tan ɗaya. A irin waɗannan kwanaki ko da dare ruwan ba zai hau yadda muka lissafa ba, don haka awannin da aka rubuta a takarda su ne abin bi, ba lissafina ba.

Mai karatu zai ce, in haka ne me ya hana a rufe ruwan gaba ɗaya, a yi aikin a gama, kowa ya huta? Amsar ita ce mafi muhimmancin abin da ke cikin wannan magana. Babu layin ruwan da ba ya yoyo. Gaɓoɓi sun saki, an yi jone-jonen sata, ga ƙananan bututun gidaje da ke ratsa kwata, wanda duk mai tafiya a lungunanmu ya san su. Muddin akwai ƙarfi a ciki, ko kaɗan ne, ruwa waje yake fita ta waɗannan kafofi. Asara ce, amma ƙazanta ba ta samun hanyar shiga. Ranar da bututu ya zama fanko, ko ma ya fara zuƙa saboda ruwan cikinsa na gangarewa ƙasa, kafar da ruwa ke fita jiya ta zama ƙofar shiga yau. Ruwan kwata, na masai da ya tsatso, duk abin da ke kwance a gefen bututun sai ya shige, ya jira ranar da za a sako ruwa a kai wa mutane. Ta irin wannan hanya taifot da kwalara ke iya shiga gidan da ke ganin ruwan gwamnati yake sha. Ɗan ƙarfin nan da aka bari, wanda muke raina wa, shi ne mai gadin.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa takarda ke hana jona inji kai tsaye a kan layi, ko da yake shi ne sashen da aka fi takewa. Alhaji ya ga tankinsa bai cika ba, sai ya kira mai gyaran famfo ya ɗaura masa injin zuƙo ruwa a bakin bututun da ya shigo gidansa. Tankinsa ya cika kuwa. Amma injin ba ya ƙirƙirar ruwa, janyo na maƙwabta yake. Gidaje biyar su yi haka a layi ɗaya, mita 7 ɗin nan ta tudu ta koma babu, har ta wuce babu ta koma zuƙa. Maƙwabci ya buɗe famfo ya ji yana shaƙar iska, yana sa tafin hannu ya ji ya manne. Wannan alama ce da bai kamata a yi wasa da ita ba. Abin takaicin kuma, shi mai injin shi ne farkon wanda ruwan kwatar zai isa wa, tunda wajensa ake ja. Hanyar da ta dace sananniya ce: ruwa ya zuba da kansa cikin tankin ƙasa ko duro, inji ya ɗauka daga nan ya kai sama. Haka kuma tiyon da aka bari kansa nutse cikin bahon wanki ko kwamin shayar da dabbobi, in layi ya zuƙa, abin da ke cikin bahon zai bi tiyo ya koma bututun unguwa. A ɗaga bakin tiyo sama da ruwan, ya zama akwai iska tsakani.

Sai maganar kwanaki. Kowa ya ga an gama shimfiɗa sabon bututu, an mayar da ƙasa, amma takarda ta ce saura kwana huɗu ko biyar, sai a fara gunaguni cewa ɗan kwangila na jan ƙafa. Wani lokacin haka ne. Amma ko aikin na tafiya daidai, sabon bututu ba a sakar wa mutane shi ranar da aka binne. Sai an cika shi a hankali daga ƙasa don iska ta fita ta sama, sannan a matsa masa ruwa fiye da abin da zai riƙa ɗauka, galibi ninki ɗaya da rabi, a zuba wa agogon awo ido na wasu awanni. In allura ta sauka, akwai gaɓar da ke yoyo, sai an nemo ta. Bayan nan a wanke shi, don bututun da ya kwana a bakin titi ba a rasa yashi da leda a cikinsa, wani lokacin har da mushen ɓera. Sai a cika shi da ruwa mai kilorin da yawa, kamar miligiram 25 a kowace lita, a bar shi awa 24. Ruwan da muke sha bai cika wuce rabin miligiram a bakin famfo ba, ka ga wancan ba na sha ba ne, zubar da shi ake yi. In an duba bayan kwana guda aka ga kilorin ya ƙone sosai, alama ce akwai datti da yawa a ciki, a sake. Daga ƙarshe a ɗebi ruwa a kai ɗakin gwaji, kuma ƙwayoyin cuta ba sa nuna kansu sai an ba su aƙalla kwana guda su tsiro. Injiniyan da ya tsallake wannan don a daina zaginsa bai yi wa kowa alheri ba.

A kan tsohon bututun da ake cirewa, wata ’yar magana. Da yawa daga cikin waɗanda aka binne a garuruwanmu shekarun baya na siminti ne haɗe da asbesto. Hatsarin asbesto da aka tabbatar yana cikin shaƙar ƙurarsa, shi ya sa ake jiƙa bututun kafin a yanka. Kada a bar yara su yi wasa da ɓaraguzansa, kada kuma wani ya kwashe ya kai gida ya sare don yin kwalabati ko murhu.

Ranar da aka sako ruwa, famfo zai yi tari da atishawa. Iska ce, ba komai. A buɗe famfon da ya fi kowanne tsawo a gidan a hankali har ta gama fita. Ruwan na iya fitowa fari kamar an zuba madara. A tara a kofin gilashi a ajiye: in ya fara washewa daga ƙasa yana hawa sama cikin minti biyu zuwa uku, ƙananan kumfan iska ne, lafiya lau. In kuwa ja ne ko ruwan ƙasa, tsatsa ce da laka da suka shekara kwance a tsofaffin bututu, zagayen da aka yi da ruwa ya sa ya bi wasu layuka ta baya ya tayar da su. Wannan a rufe hanyar tanki tukuna, a bar famfon tsakar gida ya zuba cikin bokiti har ya washe, a ba shuka ko a yayyafa wa tsakar gida. Kada a wanke fararen kaya da shi, ba a son ganin abin da zai yi wa shadda. Wanda bai rufe tanki ba, lakar za ta kwanta masa a gindi ya yi wata yana shan ta. Amma ruwan da ke warin kwata, ko wanda ya ƙi washewa bayan an daɗe ana zubarwa, wannan ba na haƙuri ba ne. A daina sha, a kai rahoto, kuma duk abin da za a sha a kwanakin a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka.

Akwai abin da ke biyo baya wanda ba a cika gargaɗi a kansa ba. Tsohon bututu ya cushe da tsatsa ko yana zubar da ruwa a hanya, sabo kuwa santsi gare shi kuma ba ya yoyo, don haka ƙarfin da zai iso gida bayan aiki na iya fin na da. Ƙananan bututun gida da suka saba da ruwa mai sanyin jiki sai su fara fashewa a gaɓa, ƙwallon da ke rufe ruwa idan tanki ya cika ya kasa riƙewa, a wayi gari ruwa na kwarara daga rufi. Gwajin mai sauƙi ne ga mai mitar ruwa: a rufe kowane famfo da dare, a rubuta lambar da ke jiki, a duba da asuba. In ta motsa alhali ba wanda ya taɓa ruwa, akwai yoyo a cikin gida, kuma daga mita zuwa ciki gyaran na mai gida ne.

Ni a ganina, da waɗannan abubuwa ake gane takardar da injiniya ya zauna ya rubuta da wadda aka kwafo daga tsohon fayil. Ta kirki ba za ta tsaya a "wasu unguwanni za su fuskanci ƙarancin ruwa" ba. Injiniya ya san tsayin kowane layi, taswirar na kan teburinsa, don haka zai iya cewa daga masallacin Juma'a zuwa sama ruwa ba zai hau bene da rana ba, daga nan zuwa ƙasa zai hau. Zai iya raba ranakun rage ƙarfi da ranar da za a rufe ruwa ɗungurungum, domin ranar da za a haɗa sabon bututu da tsohon layi dole a rufe na wasu awanni, kuma wannan rana ce ya kamata asibitin unguwa da makarantar kwana da mai gidan burodi su sani tun da wuri. Zai faɗi inda tankar ruwa za ta tsaya saboda mutanen tudu, in akwai, don kada ’yan garuwa su ninka kuɗin jarka a kansu. Zai kuma yarda a rubuce cewa ranar gamawa na iya gocewa, ya faɗi dalili. Dalilin da ya fi yawa shi ne tsohon bawul: an shekara ashirin ba a murɗa shi ba, ranar da aka zo rufewa ya ƙi kamawa, ruwa na ta bulbulowa cikin rami, sai an koma baya an rufe wani da ke nesa, unguwar da ba ta cikin takarda ita ma ta shiga ciki.

In takardar da ta iso muku ba ta faɗi waɗannan ba, mai unguwa na da damar ya aika a tambaya: layukan da ke sama da wane wuri ne ruwa ba zai hau ba, wace rana za a rufe gaba ɗaya, kuma an karɓo sakamakon gwaji kafin a sako ruwan sabon bututu? Kafin amsa ta zo, a samo tiyo da tsani tun ba a fara haƙa ba, a gwada da safe wajen ƙarfe bakwai. In ruwan ya wuce bakin tankinka da kyar, ko a bakinsa ya tsaya, kai ne mutumin tudun nan, sai a wanke duro a ajiye kusa da famfon tsakar gida.